Yadda Kwamfuta Ke Auna Kusancin Ma'ana da Lambobi

A ce wata uwa ta rubuta a akwatin bincike: "Jikin yarona ya yi zafi." A cikin ma'ajiyar da ake binciken akwai rubutu biyu. Na farko: "Abin da ya kamata a yi idan jariri na zazzaɓi." Na biyu: "Zafin rana ya hana yara wasa a waje." Duk mai jin Hausa ya san na farkon take nema. Amma binciken da ke bin kalma da kalma zai fi karkata ga na biyun, domin a can ne zai ga "zafi" da "yara". Na farkon kuwa babu zafi, babu yaro, babu jiki a cikinsa.

Dabarar da ake kira embedin an ƙirƙiro ta ne don magance wannan. A taƙaice, ana mayar da kowace jimla ko sakin layi wani dogon jerin lambobi, ta yadda rubutu biyu masu ma'ana kusa da juna za su sami lambobi masu kusanci.

Taswira za ta taimaka mana. Kowane gari a duniya ana iya nuna matsayinsa da lambobi biyu. Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas, Zariya tana wajen 11 da 7.7, Legas kuwa wajen 6.5 da 3.4. Ko wanda bai taɓa taka Nijeriya ba, idan ya dubi waɗannan lambobi zai gane Zariya ta fi Legas kusa da Kano. Embedin shi ne ba kowane rubutu irin wannan adireshi. Bambancin shi ne lambobi biyu ba za su ishi ma'ana ba. Wata ƙaramar manhaja da ake yawan amfani da ita, all-MiniLM-L6-v2, tana ba kowace jimla lambobi 384. Wasu kan ba da 768, wasu fiye da dubu.

To wa ke zaɓen lambobin? Babu wanda ya zauna ya rubuta su da hannu. Manhajar ce ke koyonsu daga tarin rubutu, bisa wani tunani da masanin harshe ɗan Birtaniya J. R. Firth ya yi fice da shi a 1957: ana gane ma'anar kalma daga kalmomin da take yawan zama tare da su. "Zazzaɓi" da "masassara" duk suna fitowa kusa da asibiti, magani, sauro da kwanciya. A 2013 Tomas Mikolov da abokan aikinsa a Google suka fitar da word2vec, wadda ta sa wannan tunani ya zama aiki mai sauƙi. Ana fara ba kowace kalma lambobin da aka zaɓa kara-zube, sannan a sa manhajar ta yi hasashen kalmomin da ke kewaye da ita a cikin jimla. Duk lokacin da ta kuskure, sai a ɗan gyara lambobin. Bayan an maimaita haka sau miliyoyi, kalmomin da ke zama a wuri iri ɗaya sai su tsinci kansu da lambobi masu kama da juna.

Word2vec tana da rauni guda babba: kalma ɗaya, jeri ɗaya. "Gari" na tuwo da "gari" na mutane, tunda rubutunsu ɗaya, dole su haɗu a adireshi guda. Manhajojin da suka biyo baya, irin su BERT ta 2018, suna duba jimlar gaba ɗaya kafin su ba kalma lambobinta. Daga nan aka ƙara musu horo na musamman: a nuna musu tambaya da amsarta a ce su matso da su kusa, a nuna musu tambayar da rubutun da bai shafe ta ba a ce su nisanta su.

Mu koma kan uwar nan, mu yi lissafin da ƙananan lambobi na misali. A ce lambobi uku kawai muke da su: na farko na auna batun rashin lafiya, na biyu batun yara, na uku batun yanayi.

```
tambaya      (4, 3, 0)
rubutu na 1  (3, 4, 0)
rubutu na 2  (0, 3, 4)
```

Ana ninka lamba ta farko da ta farko, ta biyu da ta biyu, ta uku da ta uku, sannan a tara. Tambaya da rubutu na 1: 12 da 12 da 0, jimilla 24. Tambaya da rubutu na 2: 0 da 9 da 0, jimilla 9. Sai a raba kowace jimilla da tsawon jerin biyu an ninka su. A nan kowane jeri tsawonsa 5 ne, don haka da 25 za a raba. Na farko ya sami 0.96, na biyu 0.36. Wannan awo shi ake kira kosain, kuma iyakarsa 1, wato ma'ana ta zo daidai. Zazzaɓin jariri ya yi nasara ba tare da muhimmiyar kalma ko ɗaya ta haɗa shi da tambayar ba.

Sai dai a manhaja ta gaske ba za ka iya nuna lamba ta 57 ka ce ita ce ta rashin lafiya ba. Ma'anar a warwatse take cikin jerin duka. Sunayen da na ba lambobin nan uku don sauƙin fahimta ne kawai.

A aikace, ana yanka dogon rubutu gunduwa-gunduwa, a lissafa jerin kowace gunduwa, a adana. Idan tambaya ta zo, a lissafa nata, a ɗauko gunduwoyin da suka fi kusa. Dole manhaja ɗaya ta yi aikin biyu, domin lambobin wata manhaja ba sa nufin komai a wurin wata. Girman gunduwa ma yana da tasiri: shafi goma da aka matse cikin jeri guda zai taɓa komai sama-sama, bai kama komai da kyau ba.

Inda na fi son mai karatu ya yi hattara shi ne abin da "kusa" ke nufi. Yawanci kusancin batu ne, ba yarda da juna ba. "A ba jariri wannan magani" da "Kada a ba jariri wannan magani" kan sami maki mai yawa a tsakaninsu, domin batunsu ɗaya, kalmominsu kusan ɗaya. A harkar lafiya wannan "kada" ita ce komai. Haka nan binciken ba ya cewa "ban samu ba" sai an sa masa iyaka. Ko babu amsar a ma'ajiyar, zai kawo wanda ya fi kusa, ko da nesa yake. Lambar waya, lambar rasit da sunan magani kuwa, tsohon binciken kalma da kalma ya fi iya kamo su, shi ya sa masu gina irin waɗannan tsare-tsare kan haɗa hanyoyin biyu.

Ga Hausa akwai ƙarin matsala. Manhajar da ta koyi Turanci kaɗai ba ta san zazzaɓi da masassara 'yan gida ɗaya ba ne, sai ta koma dogaro da kamannin haruffa. Akwai masu harsuna da yawa, kamar LaBSE ta Google da ta fito a 2020 da harsuna 109 har da Hausa, wadda ke ƙoƙarin ajiye jimlar Hausa kusa da fassararta a wani harshe. Duk da haka, rubutunmu da kansa ba iri ɗaya ba ne: wani ya rubuta "ƙasa", wani "kasa", wani "k'asa", kuma manhaja na iya ɗaukarsu abubuwa uku daban. Gwajin ba shi da wuya. A haɗa jimloli biyu masu ma'ana ɗaya da kalmomi daban, da wasu biyu masu kalmomi ɗaya da ma'ana daban, a duba makin kowanne. Idan masu kalmomi ɗayan ne ke samun maki mafi yawa a kai a kai, to haruffa manhajar ke bi, kuma ba ta dace da binciken rubutun Hausa ba.