Sashen sasanci a kwangilar ƙetare: abin da ake dubawa kafin a sa hannu

Idan ɗan kasuwa zai ƙulla cinikin kaya da wani kamfani na ƙetare, yakan kwana kan farashi da nauyi da ranar lodi da yadda kuɗi za su shigo. Can ƙasan takardar kuwa akwai wasu layuka uku ko huɗu da ke faɗin inda za a kai ƙara idan aka saɓa. Su ake kira sashen sasanci, kuma yawanci ana tsallake su, domin ranar ƙulla ciniki ba wanda ke son zancen rigima.

Sasancin da ake nufi a nan ba zaman dattawa ba ne na a yi haƙuri a yafe wa juna. Ɓangarorin biyu ne ke amincewa su bar kotun gwamnati, su kai rigimarsu gaban alƙalan da su suka zaɓa kuma su ke biyan su, hukuncinsu kuma ya hau kan kowa. Abin da ya sa ake bin wannan hanya shi ne Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga. Nijar ta shiga a 1964, Najeriya a 1970, China a 1987. Hukuncin babbar kotun Kano da wuya ya yi maka aiki a wata ƙasa, amma hukuncin alƙalan sasanci ana iya kai shi kotun kowace ƙasa da ke cikin yarjejeniyar, ta tilasta wa wanda aka kayar ya biya.

Mu ƙaddara wani mai fitar da riɗi daga kasuwar Dawanau ya sayar wa wani kamfani da ke Qingdao ta China kwantena 20, kowace tan 19, kan dala 1,500 kowane tan. Jimilla tan 380 ke nan, dala 570,000. Kamfanin ne ya turo kwangilar da Turanci da Sinanci, sashen sasancinta kuma ya ce duk saɓanin da ya taso za a warware shi ta hanyar sasanci a China ko a Najeriya, bisa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, gaban alƙalai uku. A ido wannan adalci ne, an ambaci ƙasar kowa. Lauyan da ya san aikin kuwa zai ga rami a kusan kowane layi.

Babban ramin shi ne mazaunin sasancin. Mazauni ba ɗakin otal ɗin da za a zauna ba ne. Ana iya sauraron shaidu a Dubai ko ta bidiyo alhali mazaunin yana Landan. Mazauni shi ne ƙasar da dokarta ke mulkin sasancin, kuma kotunanta kaɗai ke da ikon soke hukuncin idan an yi maka rashin adalci. Har wa'adin kai kuka ma mazauni ne ke yanke shi. A Najeriya, ƙarƙashin dokar sasanci ta 2023, kana da wata uku ka nemi a soke hukunci. A Ingila kwana 28 ne kacal.

Najeriya ta ɗanɗani wannan a shari'arta da kamfanin P&ID. Kwangilar iskar gas ta 2010 ta ce dokar Najeriya ce za ta yi aiki, ta kuma ambaci Landan a matsayin wurin da za a yi sasancin, ba tare da ta fayyace ko wurin zama kawai ake nufi ko mazauni na doka ba. Da aka samu Najeriya da laifin karya kwangila, sai ta nufi babbar kotun tarayya da ke Legas a 2016, ta samo umarnin soke wannan hukunci. Alƙalan sasancin suka ce mazauni Landan ne, saboda haka kotun Legas ba ta da hurumi, suka ci gaba da aikinsu. A Janairun 2017 suka yanke diyyar dala biliyan 6.6, wadda kuɗin ruwa ya kai ta wajen biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 babbar kotun Landan ta yarda cewa da zamba aka samo hukuncin, kuma kafin a kai nan sai da Najeriya ta roƙi ƙarin lokaci, domin kwana 28 ɗin sun daɗe da wucewa. Wannan ƙasa ce guda mai lauyoyi da baitulmali. Ɗan kasuwar riɗi ba shi da shekara bakwai na jira.

Saboda haka "China ko Najeriya" ba zaɓi ba ne, gayyatar tsere ce. Kowa zai ruga inda ya fi masa daɗi, a ɓata shekara ana gardamar wurin shari'a kafin a taɓa zancen riɗi. Gari ɗaya ake rubutawa, kuma a ce ƙarara shi ne mazaunin sasanci. Wane gari? Ni dai tambayar da nake ganin ta kamata a fara yi ita ce: ina dukiyar abokin cinikin take? Idan asusun mai sayen riɗin da rumbunansa duk suna China, Hong Kong tana da wata fa'ida ta musamman. Tun Oktoban 2019 akwai tsarin da ya bai wa mai sasanci a wasu cibiyoyin Hong Kong, irin su HKIAC, damar roƙon kotunan China su riƙe dukiyar abokin shari'arsa tun kafin a yanke hukunci. Dagewa kan Legas don kishin gida yana rage kuɗin tafiya, amma ba ya hana a kwashe kuɗi daga asusun Qingdao kafin ka iso da takardar hukuncinka.

Sai ƙa'idoji. Babu wani kundi mai suna "ƙa'idojin ƙasa da ƙasa". Akwai na ICC mai hedikwata a Paris, da na LCIA a Landan, da SIAC a Singapore, da CIETAC a Beijing, kowace da tsarinta da kuɗinta. A ICC, alal misali, shigar da ƙara kaɗai dala 5,000 ne waɗanda ba a mayarwa. Akwai kuma ƙa'idojin UNCITRAL na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ake iya bi ba tare da wata cibiya tana kula da shari'ar ba. Wannan hanya kan zo da sauƙi idan ɓangarorin suna ba da haɗin kai, amma ga mai hulɗa da China akwai hatsari, domin dokarsu ta daɗe tana neman a ambaci sunan cibiya, kuma sashen da bai ambata ba kotunansu na iya ɗaukarsa kamar babu shi. Abin yi a nan mai sauƙi ne. Kowace cibiya tana da samfurin sashe da ta wallafa, a kwafo shi yadda yake, kada a yi masa kwaskwarima, kada a haɗa sunan wata cibiya da ƙa'idojin wata. A kuma tabbatar cibiyar tana nan da ranta. A 2021 Dubai ta rushe cibiyar DIFC-LCIA da doka guda, kwangilolin da ke ɗauke da sunanta suka shiga gardama a kotunan ƙasashe daban-daban. Ga 'yan kasuwar Nijar da Chadi da Kamaru, idan cinikin tsakanin ƙasashen OHADA ne, akwai kotun CCJA da ke Abidjan mai nata tsarin sasancin.

Yawan alƙalai kuwa lissafi ne. Rigimar da ta fi yiwuwa a cinikin riɗi ba ta dukan kuɗin ba ce. Kaya za su isa, mai saye ya ce danshi ya wuce yadda aka yi alkawari ko tsakuwa ta yi yawa, ya riƙe cikon kashi 30 cikin 100, wato dala 171,000. Idan ka ɗora wa wannan adadi ladan alƙalai uku da kuɗin cibiya da na lauyoyi, kura ce aka ba ajiyar nama. Sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi kan haƙura da haƙƙinsa saboda tsadar nemansa, kuma wanda ya rubuta "uku" ya san da haka. Alƙali ɗaya ya wadatar a ciniki irin wannan. Uku na manyan kwangiloli ne, inda kowa ke son ya zaɓi nasa, su biyun su zaɓi shugaba.

Yin shiru kan adadin ma ba mafita ba ne, don kowane tsari da abin da yake cike gurbin da shi. Tsohuwar dokar Najeriya ta 1988 uku take bayarwa, ta 2023 kuma ɗaya. Ƙa'idojin UNCITRAL uku suke bayarwa. A ƙa'idojin ICC na 2021, rigimar da ba ta wuce dala miliyan 3 ba tana shiga tsarin gaggawa, inda cibiyar ke da ikon naɗa alƙali ɗaya ko da kwangila ta ce uku, sai fa in an rubuta cewa ba a son wannan tsari. Abu biyu kuma a guje su. Kada a rubuta sunan wani mutum a matsayin alƙali, domin yana iya rasuwa ko ya ƙi. Kada kuma a jera masa sharuɗɗan da ba mai cika su, a ce sai lauya mai jin Hausa da Sinanci wanda ya san harkar riɗi. Abin da ake bukata shi ne a san wanda zai naɗa alƙali idan ɗaya ɓangaren ya yi kunnen ƙashi, kuma ƙa'idojin cibiyoyi sun tanadi wannan.

Harshe layi ɗaya ne, amma rashinsa na da tsada. A ƙa'idojin CIETAC, idan ba a zaɓi harshe ba, asalin abin da ake komawa gare shi Sinanci ne, ko da yake cibiyar na iya zaɓar wani. Ke nan mutumin Dawanau zai iya tsintar kansa yana biyan a fassara kowace takardar lodi da ta awon danshi, kuma lauyan da ya saba da shi ba zai iya tsaya masa ba. Sanya harsuna biyu ma ninka kuɗi ne. A zaɓi ɗaya, sa'annan a faɗi wane kwafin kwangilar ne ke da rinjaye idan na Turanci da na Sinanci suka saɓa. Yana da kyau a ƙara cewa shaidu na iya magana da harshensu ta bakin tafinta, domin wanda ya auna kayan ya ɗinke buhunan a Dawanau, wanda shi ne ainihin shaidar danshi, da Hausa zai fi bayani.

Idan aka gyara sashen, zai ce duk saɓanin da ya taso daga kwangilar ko ya shafe ta HKIAC ce za ta gudanar da sasancinsa bisa ƙa'idojinta, mazauni Hong Kong, alƙali ɗaya, harshe Turanci. Dokar da za ta mulki cinikin kansa a rubuta ta a wani sashe na dabam, don ba abu ɗaya ba ne da mazauni. Daga nan sai a bi sauran takardun cinikin ɗaya bayan ɗaya, da takardar oda da ta farashi da sharuɗɗan nan masu ƙananan haruffa da kamfanoni ke bugawa a bayan takarda. Ba abin mamaki ba ne a tarar ɗaya daga cikinsu ta ce kotunan Qingdao ne ke da hurumi. In an samu haka, a ƙara layi a babbar kwangilar cewa sashenta na sasanci ne ke gaba da duk abin da wata takarda ta faɗa, kuma duka ɓangarorin su sa hannu a wannan shafi.