Wasiƙar da ke ba Gizo murya

A yawancin finafinan zane, murya ake fara ɗauka, daga baya masu zane su ɗora motsin baki a kanta. Ɗan wasa kan shiga ɗakin ɗaukar sauti shi kaɗai, ba abokin magana, ba hoto sai 'yan zanen gwaji. Wasiƙar da darakta ya aiko masa ce idonsa.

A ce za a mayar da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi katun. Wasiƙar za ta fara da halin Gizo: mayunwaci ne, mai wayo, matsoraci idan an ritsa shi. Za ta kuma faɗi iyakar tsamin bakin da aka san shi da shi, domin idan ya yi yawa yara ba za su gane maganar ba.

Daga nan sai a bi layi-layi, kowanne da lambarsa. Ga layi na 14, inda Gizo ke cewa, "Ni ban ga naman ba." Malalacin darakta zai rubuta "cikin tsoro" ya wuce. Wanda ya san aikinsa zai rubuta cewa naman na cikin bakin Gizo, Ƙoƙi na tsaye a kansa, taku ɗaya tsakaninsu, kuma so yake ta juya baya ya samu ya haɗiye. Ya ja "ni", ya ɗan dakata, sauran ya fito da sauri, murya ƙasa-ƙasa. A ganina nan ne ƙashin bayan wasiƙar. Ɗan wasa ba ya iya kama "tsoro" haka kawai, amma yana iya kama mai son ɓoye nama. Faɗin tazarar ma ba ƙaramin abu ba ne, don mai kiran Ƙoƙi daga bakin rafi dole ya ɗaga murya.

Sai lokaci. Fim na tafiya da hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka layin da aka ware wa hotuna 60 yana da daƙiƙa biyu da rabi. Idan murya aka fara ɗauka, ana iya sassautawa. Idan kuwa fassara ake ɗorawa a kan zanen da aka gama, bakin ya riga ya rufe. A nan gara a rage kalmomi da a ce wa ɗan wasa ya yi sauri, domin Hausa na bambanta ma'ana da tsawon wasali, sauri kuma yana cinye shi.

Akwai abin da ake yawan mantawa: haki, nishi, haɗiyar yawu. Su ma a ba su lamba.

Ana gane wasiƙa ta gaza idan aka rufe ido aka saurara, aka ji duk layukan sun fito da ƙarfi ɗaya. Takurawa ma illa ce. Robin Williams ya ƙirƙiri maganganun aljani da dama nan take a Aladdin na 1992, saboda an sakar masa mara. Shi ya sa wasu daraktoci kan nemi ɗauka biyu bisa umarni, ta uku kuma yadda ɗan wasan ya ga dama.