Abin da Ke Sa Kwamfuta Ta Riƙa Nuna Shirme Daga Allon Arduino

Duk wanda ya taɓa haɗa allon Arduino da kwamfuta ya san wannan takaici: an umarci allon ya rubuta gaisuwa, sai ga wasu baƙaƙe marasa kan gado sun cika fuskar kwamfutar. Galibi allon lafiyarsa ƙalau. Saɓanin lokaci ne tsakanin mai aikawa da mai karɓa.

Hanyar da suke magana ana kiranta UART. Wayoyi uku suka ishe ta: TX na aikawa, wanda ake kai wa RX na ɗaya ɓangaren, sai RX na karɓa, sai GND da dole su haɗa tare. Babu wayar agogo a tsakaninsu, don haka kowa da nasa agogon yake ƙirga. Shi ya sa ake yarjejeniya tun farko kan gudu, wato bit nawa za a tura a daƙiƙa, kamar 9600 ko 115200.

Kowane harafi yana tafiya cikin ƙunshi. A tsarin da aka fi amfani da shi, 8N1, layin yana zaune a sama idan babu saƙo. Faɗuwarsa ƙasa ita ce bit na buɗewa, sai bit takwas na saƙon, ƙarami a gaba, sannan bit na rufewa a sama. Goma ke nan. Mai karɓa yana saita agogonsa da faɗuwar farko kawai, daga nan ya riƙa leƙa tsakiyar kowane bit. Kuskure kaɗan yakan taru har tsakiyar bit na rufewa, tazarar bit tara da rabi. Idan ya kai rabin bit, an leƙa gidan maƙwabci. Iyakar a lissafi kusan kashi 5 cikin ɗari ce, kuma ɓangarorin biyu ne ke raba ta.

Mu ɗauki ATmega328P na allon Uno, mai agogon megahaz 16. Yana samar da gudun ta hanyar raba agogon, kuma da cikakkiyar lamba kawai yake rabawa:

```
baud = 16000000 / (16 * (UBRR + 1))
```

A 9600, UBRR 103 yana ba da 9615, kuskuren kashi 0.16, ba komai ba ne. A 115200 kuwa ana buƙatar UBRR + 1 ya zama 8.68, sai a ɗauki 9, gudun ya zama 111111, ya gaza da kashi 3.5. Kafin ƙarshen ƙunshi an zame da sulusin bit. Kunna U2X0 yana mayar da 16 ɗin nan 8, a sami 117647, ƙarin kashi 2.1. Da sauƙi, amma a ganina bai kamata a yi dogon waya da shi ba. Wannan ne ma dalilin da ake ƙera kiristal mai baƙuwar lamba kamar megahaz 14.7456, wanda ke rabuwa daidai babu saura.

Idan mai karɓa ya tarar da layi a ƙasa inda ya zaci bit na rufewa, sai ya ɗaga alamar FE0, wato ƙunshi ya lalace. Shirme daga farko har ƙarshe yana nufin gudun da aka zaɓa a kwamfuta ya saɓa wa na `Serial.begin()`. Idan kuwa harafi ɗaya-ɗaya ne ke gurɓata, a duba GND, sannan a sauko 38400, inda kuskuren ya koma kashi 0.16.