Yadda Mai Shago Zai Mayar Da Wayarsa Akawun Ciniki

Tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, sa'ad da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, ciniki ya canza salo a unguwanninmu. Wanda zai sayi sabulun naira ɗari biyar ma sai ka ji ya ce, "Alhaji, ba ni lambar asusu." Shaguna da yawa sun manna lambar Moniepoint ko OPay ko PalmPay a jikin ƙofa, suna ganin shi ke nan sun shiga zamani. Amma karɓar taransifa daban, sanin abin da aka sayar daban. Mai shago zai wuni yana jin ƙarar alat, da dare kuma ya kasa faɗin ko ya ci riba ko uwar kuɗi yake ci.

Gyaran ba ya buƙatar kwamfuta. Wayar Android mai matsakaicin ƙarfi ta isa, tare da manhajar ciniki ɗaya da asusun banki ɗaya da ƙaramin littafi. In da hali a ƙara da 'yar na'urar buga rasiti, amma ba dole ba ce.

A fara da asusun. Ya zama na shago kaɗai, ba wanda ake tura kuɗin cefane ko na makarantar yara daga cikinsa ba. Idan aka haɗa su, babu lissafin da zai taɓa fita. A kuma duba matakinsa tun kafin a manna lambar. Asusun mataki na farko ba ya riƙe fiye da naira dubu ɗari uku, kuma ranar da ciniki ya buɗe, kamar jajibirin Sallah, ita ce ranar da kuɗin mutane zai fara maƙalewa. A ɗaga matakin da lambobin BVN da NIN tun da wuri.

Sai manhajar. Akwai su da yawa, amma zan yi misali da Loyverse POS domin ainihin aikinta na sayarwa kyauta ne, kuma tana ci gaba da rubuta ciniki ko netwok ya ɗauke, ta aika bayanan idan ya dawo. Abin kiyayewa shi ne kada a fita daga asusun manhajar ko a goge ta alhali akwai rasitan da ba su tafi ba, don za su iya salwanta.

Aikin da ke gajiyar da mutane shi ne shigar da kaya, kuma a nan ake yawan jefar da tsarin tun a makon farko. Shawarata, kada a ce sai an shigar da duk abin da ke kan kanta a rana ɗaya. A ɗauki kaya talatin ko arba'in da suka fi tafiya, irin su sukari, madara, taliya, omo da man gyaɗa, a sa wa kowanne suna da farashin saye da na sayarwa. Kayan da ke da lambar zane-zane a jikin kwalinsu, kyamarar waya tana karantawa. Sauran a riƙa ƙarawa a hankali.

Tarkon yana wurin ma'auni. Kwalin taliyar yara na ɗauke da guda arba'in, kai kuma ɗai-ɗai kake sayarwa. Idan ka shigar da "kwali biyar", sannan yaro ya sayar da guda uku, manhajar za ta zaci kwali uku ne suka fita. Don haka a shigar da kaya da mafi ƙanƙantar abin da ake sayarwa: kwali biyar su zama guda 200. Buhun sukari ko shinkafa kuwa, ka auna da kwanonka da hannunka ka ga kwano nawa ke fita, kada ka dogara da abin da aka saba faɗa a kasuwa, domin tozon awo na kowa daban ne.

Hanyoyin biya su zama uku: kuɗi hannu, taransifa da bashi. Manhajar tana barin mutum ya ƙara hanyar biya ya raɗa mata sunan da ya so, don haka a buɗe wata a kira ta Bashi, sunan mai karɓa kuma ya shiga littafi. Wasu na jin nauyin rubuta bashin maƙwabci ko ɗan'uwa. Ni a ganina rubutawar ce ke kare zumunci, domin gardama kan abin da aka manta ta fi ɓata tsakani.

Da safe a ƙirga canjin da ke aljihun tebur, a danna Open shift a rubuta adadin. Sai an kunna wannan sashe a saitin manhajar kafin ya bayyana. Daga nan doka ɗaya ce: kaya ba sa barin kanta sai an danna su a waya. Idan taransifa ce, ba a yarda da hoton rasitin da ke wayar mai saye, ba a kuma yarda da saƙon tes, domin duka biyun ana ƙirƙirarsu. A buɗe manhajar bankin shago, a ga kuɗin ya shiga da sunan wanda ya turo. In ya ce an cire masa amma bai shigo ba, a ajiye kayan a gefe cikin mutunci har ya shigo. Duk kuɗin da aka ɗauka daga aljihun tebur, ko na mai kawo burodi ne ko na abincin rana, a rubuta shi a Pay out nan take.

Yanzu ga lissafin dare, da alƙaluman misali. An buɗe da canjin naira 10,000. Manhajar ta nuna cinikin 86,400: kuɗi hannu 41,900, taransifa 38,500, bashi 6,000. An biya mai burodi 7,000 daga tebur. Ke nan ya kamata a tarar da 44,900, wato canjin safe da cinikin hannu, a debe na burodi. Aka ƙirga aka sami 42,900. Dubu biyu babu.

Kafin a harari yaron shago, a buɗe banki. Kuɗin da ya shigo yau 40,500 ne, ya haura abin da manhajar ta nuna da dubu biyu daidai. An gano bakin zaren: wani ya sayi kayan dubu uku, ya turo dubu biyar, aka ba shi canjin dubu biyu a hannu ba a rubuta ba. Kuɗin bai ɓace ba, gida ya sauya. Wannan yana faruwa kullum, kuma an sha zargin yara masu amana a kansa. Maganinsa a rubuta irin wannan canji a Pay out tare da ɗan bayani.

Sauran alamun ba su da wuyar karantawa. In kuɗin tebur ya yi yawa, an sayar da abu ba a danna ba. In banki ya gaza kuma tebur bai ƙaru ba, a bi taransifa ɗaya bayan ɗaya, ko dai an karɓi alat na bogi ko an tura wani asusu. In tebur ya haura banki ya gaza da adadi ɗaya, an danna taransifa a maimakon kuɗi hannu.

Abin da wayar ba za ta gani ba shi ne kayan da ya fita ba a danna ba, ba a kuma sa kuɗinsa a tebur ba. Wannan sai ƙirga. Kowane mako a zaɓi kaya biyar masu tsada, a ƙirga su da hannu a gwada da abin da manhajar ta ce ya rage.

Mai shago, ka sa wa wayar makulli, lambar sirrin tura kuɗi ta tsaya a wurinka kai kaɗai, kuma ka tanadi fawa banki saboda ranar da babu wuta. Sannan kada ka rufe ƙofa da dare sai tebur da banki da littafin bashi sun yi daidai da abin da wayar ta rubuta.