Wane Kwafi Aka Sa Wa Hannu? Yadda Ake Bin Sawun Kasafin Kuɗi

A watan Janairun 2016 Majalisar Dattawa ta shiga ruɗani, domin an wayi gari da kwafi biyu na kasafin da Shugaba Muhammadu Buhari ya gabatar ranar 22 ga Disambar 2015, kuma alƙalumansu sun sha bamban a wasu wurare. Sai da Shugaban ya rubuto wasiƙa yana bayyana kwafin da za a yi aiki da shi. Ba a jima ba Ministan Lafiya, Isaac Adewole, ya shaida wa sanatoci cewa abin da ke gabansu ba shi ne ma'aikatarsa ta rubuta ba. Kasafin bai samu sa hannu ba sai ranar 6 ga Mayu.

Darasin ya shafi mazaunin unguwar Kakuri a Kaduna kai tsaye. Kasafin Jihar Kaduna yana bi ta hannuwa da yawa kafin ya zama doka. Ma'aikatu suna rubuta buƙatunsu, Hukumar Tsare-tsare da Kasafi ta daidaita su da kuɗin da ake sa ran samu, Majalisar Zartarwa ta amince, sannan Gwamna ya miƙa wa Majalisar Dokoki a Lugard Hall kamar yadda sashe na 121 na Tsarin Mulki ya tanada. Kwamitoci su yi gyara, Akawun Majalisa ya tura tsabtataccen kwafi, Gwamna ya sa hannu. Kowane zango yana haifar da sabon daftari, kuma a tsakanin zango da zango ne aiki ke salwanta.

Mu ƙaddara cewa mutanen Kakuri sun nemi a gina musu magudanar ruwa kafin damina, ma'aikata ta sa Naira miliyan 60 a daftari na 1. Wajen kare kasafi aka rage shi zuwa miliyan 45, ya zama daftari na 2. Wannan halastaccen gyara ne, muddin an rubuta wanda ya yi shi, da ranar, da dalilin. Amma a ce wani jami'i ya ci gaba da aiki a kan tsohon kwafin da ke kwamfutarsa, ya gyara wani layi dabam, ya tura ta WhatsApp. Yanzu akwai daftari na 2 guda biyu, ɗaya na cewa 45, ɗaya na cewa 60, ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba.

Mafi wuyar ganewa shi ne gyaran da bai taɓa jimilla ba. Idan aka cire miliyan 20 daga magudanar Kakuri aka ƙara wa wani aiki a ma'aikata guda, jimillar shafin ƙarshe tana nan yadda take. Mai sa hannun da ya duba jimilla kaɗai ba zai ga komai ba. Shi ya sa ake ba kowane aiki lambar da ba ta canjawa, a jera daftari biyu gefe da gefe, a kwatanta su layi bayan layi: wanda ya ƙaru, wanda ya ragu, wanda ya ɓace, da wanda kuɗinsa bai motsa ba amma sunan unguwarsa ya sauya.

Maganin yana farawa da kwafi na asali guda ɗaya a hannun jami'i guda da kowa ya sani. Kowane daftari ya ɗauki lamba da kwanan wata a kan kowane shafi, a kulle shi da zarar ya bar ofis, wanda zai gyara kuma ya buɗe sabuwar lamba. Tare da shi a riƙa tafiya da takardar sauye-sauye mai nuna tsohon adadi, sabon adadi, da wanda ya ba da izini.

Sai batun sa hannu. Takardar amincewa da ta ce "na amince da kasafi" kawai ba ta kare kowa, domin ana iya liƙa ta a kan kowane kwafi. Dole ta ambaci lambar daftarin, yawan shafukansa da jimillarsa. Idan ko layi ɗaya ya canja bayan haka, amincewar ta faɗi, sai takarda ta koma wurin masu sa hannun.

Wannan tsari yana da iyaka. Ba ya hana a yanke mummunar shawara, kuma ba ya tilasta a saki kuɗi. Abin da yake yi shi ne ɗora suna a kan kowane sauyi. Kaduna ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya a 2018, don haka ƙungiyoyin unguwa a Kakuri suna da hujjar neman kwafin da Gwamna ya gabatar da wanda ya sa wa hannu. Su nemo lambar aikinsu a duka biyun, in adadi ya bambanta su tambayi ɗan majalisarsu a wane zama aka canja shi.