Shafi ɗaya da ke gaya miki gaskiyar sana'arki

A ƙungiyoyinmu na asusu, mace kan ce “ciniki ya yi kyau wannan wata”, ta ɗauki bashi don ta ƙara jari, ranar biya kuma kuɗin su kasa. Sau da yawa cinikin ya ƙaru da gaske, riba ce ta ragu ba ta sani ba. Shafi ɗaya na littafi, da layi uku a ƙarshen kowane wata, ya isa ya nuna wannan.

Mu ɗauki misalin mai saida man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Maraɗi.

Layi na farko shi ne masu dawowa, wato waɗanda suka saya watan jiya suka kuma sake zuwa wannan wata. Ta rubuta sunayen masu sayenta na kullum, ta ja zane gaban duk wanda ya dawo. A watan farko su 25 ne, a na biyu suka koma 20. Mutum biyar sun ɓace, ya kamata ta bincika: awo ne ya ragu, ko man ne ya canza?

Layi na biyu shi ne abin da mai saye ke kashewa a zuwa ɗaya. A raba cinikin wata da yawan sayen da aka yi. Watan farko ta yi cinikin jika 120 a saye 200, kowane saye sefa 600 ke nan. Wata na biyu jika 150 a saye 300, ya sauka zuwa 500. Mutane sun yi yawa, amma kaɗan-kaɗan suke saye.

Layi na uku shi ne riba kan kaya. A cire kuɗin gyaɗa, niƙa, icce da leda na kayan da aka saida kawai, ban da tiyoyin da ke ajiye a ɗaki. Watan farko kaya sun ci jika 90, saura 30: a kowace jika ta ciniki, sefa 250 ke zama tata. Wata na biyu gyaɗa ta yi tsada, kaya suka ci jika 126, saura 24, wato sefa 160 kacal a jika. Ga ciniki ya hau, ga riba ta faɗi.

Hattara, ƴan uwa: wannan ribar ba ta shiga aljihu ba tukuna. Cikinta za a fidda kuɗin mota, harajin kasuwa da zubin asusu. Man da aka yi miya da shi a gida ma a rubuta shi, in ba haka ba lissafi zai ruɗe.

Kafin ki nemi bashi a taron mako, ki zo da shafin wata biyu ko uku. In riba na sauka, a fara gyara farashi ko awo, sannan a ƙara jari.