Ƙuraje Masu Ɓawo Kamar Zuma: A Kula da 'Yan Makaranta

Uwargida, idan yaronki ya dawo makaranta da jajayen ƙuraje a gefen hanci ko baki, ki sa ido. In suka fashe suka yi ɓawo ruwan zuma, wataƙila cutar fata ce da likitoci ke kira imfetigo. Ƙwayoyin bakteriya ke kawo ta, ba zaƙi ko maiƙo ba.

Ga yadda take zagaye gida. Yaro ya sosa, ƙwayoyin su maƙale a farcensa. Ya goge fuska da tawul, ƙanwarsa ta ɗauka. Ko su kwana a shimfiɗa ɗaya, ita kuma tana da cizon sauro a ƙafa. Cikin kwana 4 zuwa 10 sai ki ga ƙurji ya fito mata.

Ki ware masa tawul da soso, ki yanke masa farce, ki kawo shi asibiti. Kada a shafa man bilicin ko toka. Zai iya komawa makaranta bayan awa 48 da fara magani.

Kada ya ɗauki jariri. In jariri ya fito da ƙuraje masu ruwa, a kawo shi ran nan. Haka yaron da fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya yi kalar shayi, ko da ƙurajen sun warke, domin cutar kan taɓa ƙoda.